Wasiƙar neman horon zane da kwamfuta: abin da na rubuta da zanen da na haɗa

Bayan na kammala karatun injiniyan gine-gine, ina zaman jiran kiran bautar ƙasa, sai na rubuta wa wani ƙaramin kamfanin injiniyoyi a Kaduna wasiƙa ina neman su ɗauke ni horo a ɗakin zanensu. Ba su tallata gurbi ba. Ni dai na san suna lissafin gine-gine da kwalbatoci, kuma irin wannan ofis ba ya rabuwa da buƙatar wanda zai mayar da lissafin injiniya ya zama zanen da magini zai karanta.

Wasiƙar shafi ɗaya ce, da Turanci, zuwa ga babban injiniyan da sunansa. Sakin layi na farko ya faɗi ko ni wane ne, abin da na karanta, da cewa horon wata shida nake nema, kuma ina da kwamfutata. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙananan ofisoshi ba su cika ajiye kwamfutar da ba mai ita ba.

Inda na ɓata lokaci shi ne sakin layi na biyu, wajen bayanin manhajoji. Yawancinmu kan jera sunaye ne kawai: AutoCAD, Revit, SolidWorks, sai a ce an ƙware a duka. Injiniyan da ke karantawa ya ga irin wannan jeri har ya gaji, kuma ba ya gaya masa aikin da zai iya miƙa maka ranar Litinin da safe. Ni sai na bi ta aikin. Na rubuta, a ma'ana: «Da AutoCAD ina zana shimfiɗar gida, da fuskokinsa, da yankansa, ina kuma fitar da bayanin rodin bim da fila daga lissafin da aka ba ni. Ina raba zane a layers, wato rukuni-rukunin layuka, ina tsara takardar bugawa a Layout, na kuma saba da XREF, hanyar jingina wani fayil na zane cikin naka. A Revit ina iya ta da bango da rufi, amma ban taɓa fitar da zanen rodi da shi ba.» SolidWorks kuwa ban ambace shi ba sam, duk da na taɓa shi a makaranta, don ba abin da masu kankare za su yi da shi. Faɗin inda iyawarka ta tsaya ba rage kai ba ne. Duk abin da ka ce ka iya, a gabanka za a kunna kwamfuta a ce bisimilla.

Kowace magana da na yi a wannan sakin layi, na sa mata lambar takardar da za ta tabbatar da ita. Takardu uku na haɗa, duka girman A3. Ta farko shimfiɗar gida mai ɗaki uku a sikelin 1:100. Ta biyu yankan gidan daga tushe zuwa rufi a 1:50. Ta uku bayanin rodin bim ɗaya da fila ɗaya a 1:20, tare da jadawalin lanƙwasa rodi. A ƙasan kowace akwai akwatin take mai ɗauke da sunan zane, sikeli, kwanan wata da sunana, na kuma rubuta ƙarara cewa aikin gwaji ne, ba na ginawa ba. Zanen da na yi a wajen da na yi SIWES, horon aiki na ɗalibai, ban sa ko ɗaya ba. Na masu ofishin ne da abokan cinikinsu, kuma wanda ya ga ka kawo masa zanen wani ya san gobe nasa za ka kai gaba.

Kafin in tura, na bi zanen kamar yadda mai neman kuskure zai bi shi, kuma abin farko shi ne awo. A ɗauki gefe ɗaya na gidan, duk awon a milimita: bangon waje na bulo mai inci tara, wato 225, ɗaki 3600, bangon ciki mai inci shida 150, wani ɗaki 3000, sai bangon waje 225. Jimilla dole ta ba da 7200, kuma dole awon da ke can waje ya ce 7200. Akwai wata ɗabi'a da ɗalibai ke yi: idan layi bai kai ba, sai su danna awon su rubuta lambar da suke so da hannu. A takarda ba a gani, amma da zarar an buɗe fayil an auna da DIST, umarnin auna tazara a AutoCAD, asiri ya tonu. Layin 3550 ne, rubutu na cewa 3600. Mai zanen da ke haka, ba wanda zai amince ya ba shi tushen bene.

Na biyu girman rubutu. Abin da ake so a takarda wajen milimita 2.5 ne. Idan a Model kake rubutu, wato inda ake zana abu a ainihin girmansa, zanen da zai fita a 1:100 yana buƙatar rubutu mai tsayi 250, wanda zai fita a 1:20 kuma 50. In ka bar su girma ɗaya, wata takarda rubutunta zai cinye zanen, wata kuma sai da tabarau. Haka kaurin layi: bangon da yanka ya ratsa na ba shi 0.5, layin awo 0.18, don ido ya fara sauka a kan abin da ya fi muhimmanci. A allon kwamfuta, launuka suna ɓoye wannan duka. Shi ya sa na je shagon buga takardu na fitar da su baƙi da fari, na ɗora rula a kan ɗakin 3600, ya ba ni milimita 36 cif. Mai shago in ba a hana shi ba yakan matse zanen ya dace da takarda, sikelin ya tashi aiki.

Na tura wasiƙar da zanen a PDF guda, na kuma kai bugaggun da hannuna. Fayilolin DWG, wato ainihin fayilolin AutoCAD, na ce suna nan idan ana so. Na tsabtace su da PURGE da AUDIT, umarnin share tarkace da na gyara kurakuran fayil, na ajiye su a tsarin 2013, domin fayil na tsarin 2018 ba ya buɗuwa a AutoCAD 2017 ko wanda ya girme shi, kuma ofisoshi da yawa tsofaffin ne a kwamfutocinsu. Revit ma ba ya ba da wannan dama. Abin da ka yi da sabo ba ya komawa tsoho.

Da suka kira ni, shimfiɗar gidan da na fi alfahari da ita kallo ɗaya injiniyan ya yi mata ya ajiye. Takarda ta uku ya janyo. Bim ɗin 225 ne da 450, tsawonsa 4200, zoben rodi a tazarar 200.

«Malam, zobe nawa ka ƙirga a nan?»

«Ashirin da biyu, ranka ya daɗe. 4200 a raba da 200, a ƙara ɗaya.»

«Girmansa fa?»

«175 da 400, bayan an cire kankaren da ke rufe rodi, 25 ta kowane gefe.»

Ya duba jadawalin ya ga haka ne a rubuce. Sai ya nuna min cewa a ofishinsu alamar kowane rodi tana bin tsari ɗaya: adadi, iri da kauri, lambar rodi, sannan tazara, domin mai ɗaurin rodi da haka ya saba, kuma ko ina ya ga lamba a zane ya same ta a jadawali. Ya ba ni lissafin wata kwalbati da aka yi da hannu, da fayil mai ɗauke da layers da akwatin taken ofishin, ya ce in fara da yankan gefe a 1:25 in kawo masa a buge.