Mako na uku da Diffie-Hellman: na sa lambobi a hannu, sai na gane

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Makonni biyu na yi ina karanta bayanin musayar mabuɗi ta Diffie-Hellman, ina jin kamar na gane, amma da wani zai ce in maimaita masa da ban iya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ta yaya mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su yi magana kowa yana ji, su tashi da sirri ɗaya wanda mai sauraro bai samu ba? A makon nan na ajiye karatu, na ɗauki biro da takarda, ni da wani abokin koyo muka yi lissafin da ƙananan lambobi. A nan ne kaina ya waye.

Da farko muka amince da lambobi biyu a fili. Ɗaya ita ce p = 29, lambar da ba ta rabuwa sai da 1 ko da kanta. Ɗayar kuma g = 2. Ƙa'idar lissafin ita ce duk abin da ka samu, ka raba shi da 29, ka riƙe saura kaɗai. Kamar agogo ne mai awa 29, in ka wuce ƙarshe sai ka zagayo farko.

Na zaɓi 5 a zuciyata, ban faɗa wa kowa ba. Na jera 2 sau biyar na ninka, na samu 32, saura 3. Wannan 3 ɗin na faɗa da ƙarfi. Shi kuma ya zaɓi 12 a ɓoye, ya jera 2 sau goma sha biyu, ya samu 4096, saura 7, ya faɗi 7. Sai kowa ya ɗauki abin da ɗan'uwansa ya faɗa, ya sake ninka shi gwargwadon lambarsa ta sirri. Ni na jera 7 sau biyar, saura ya fito 16. Shi ya jera 3 sau goma sha biyu, saura ya fito 16. Babu wanda ya furta 16 a cikinmu, amma ga ta a takardar kowa, ita ce mabuɗin sirrinmu. Wanda ke son tabbatarwa zai iya da Python:

```
pow(7, 5, 29)    # 16
pow(3, 12, 29)   # 16
```

Dalilin haɗuwarmu ba wani siddabaru ba ne. Bakwai ɗin da na karɓa ai 2^12 ce a ɓoye, da na jera ta sau biyar ta zama 2^60. Ukun da ya karɓa 2^5 ce, da ya jera ta sau goma sha biyu ita ma ta zama 2^60. Ko ta wace hanya aka bi, 5 sau 12 da 12 sau 5 duk abu ɗaya ne.

To mai sauraro fa? Ya ji 29, ya ji 2, ya ji 3 da 7. Na zauna a matsayinsa na gwada abin da ya fara zo mini, wato in ninka 3 da 7. Na samu 21, wanda shi ne 2^17, domin ninka su tara lambobin sirrin yake yi, 5 da 12, ba ninka su ba. Ba abin da ya rage masa sai ya gano sau nawa aka jera 2 har aka samu 7. Ku dubi yadda jerin ke tafiya: 2, 4, 8, 16, 3, 6, 12, 24, 19, 9, 18, 7. Bayan 16 tsari ya watse, lambobin sai tsalle suke yi, girman lamba ba ya nuna maka ko ka kusa ko kana nesa. Da 29 mutum zai ƙirga da yatsa ya kai a taki na 12. Amma a aiki na gaske p takan kai bit 2048, wato lamba mai tsawon alƙaluma wajen 617. Zuwa gaba yana da sauƙi, domin kwamfuta tana ninka sakamako da kansa ta yi dogon tsalle cikin matakai 'yan dubbai. Komowa baya kuwa ba a san hanyar da kwamfutocin yau za su gama shi ba. Girman ma ba ado ba ne: a 2015 binciken da aka sa wa suna Logjam ya nuna cewa p mai bit 512 tana karyuwa.

Ranar Laraba na so in canza g don in ga ko abin zai ci gaba da aiki, sai na sa 12. Ya yi aiki, mun samu amsa ɗaya, har na ji daɗi. Amma da muka maimaita sau da yawa da lambobin sirri daban-daban, na lura amsoshin ba sa wuce guda huɗu. Da na rubuta jerin sai ga shi: 12, 28, 17, 1, daga nan ya koma 12. Wato duk girman lambar sirrin da ka zaɓa, mabuɗinka yana cikin waɗannan huɗun, mai sauraro zai gwada su cikin ƙiftawar ido. Ita kuwa 2 sai ta zagaya lambobi 28 kafin ta dawo. Abin da ya fi damuna shi ne babu wata alamar kuskure, ɓangarorin biyu sun yarda da juna, komai kamar lafiya. Shi ya sa ake son p wadda in ka cire mata 1 ka raba biyu, abin da ya fito shi ma ba ya rabuwa, kamar 23 da 11, don gajerun zagaye irin wannan su ragu zuwa 1 da p − 1 kawai. Shi ya sa kuma ake ƙin karɓar waɗannan biyun in ɗaya ɓangaren ya aiko su. A ganina, kada ɗan koyo ya ƙirƙiri p da g nasa don aikin gaske, ya ɗauki waɗanda masana suka tantance.

Gwaji na ƙarshe shi ya fi koya mini darasi. Muka sa mutum na uku ya riƙa kai saƙo tsakaninmu, muka ba shi damar canza abin da ya ga dama. Ya zaɓi 3 a matsayin sirrinsa, ya lissafa 2^3 ya samu 8. Da na aika 3 ɗina sai ya riƙe, ya miƙa wa abokina 8. Da abokina ya aiko 7, ita ma ya riƙe, ya miƙo mini 8. Na jera 8 sau biyar na samu 27, abokina ya jera 8 sau goma sha biyu ya samu 24. Ɗan tsakiyar ya lissafa 3^3 ya samu 27, ya lissafa 7^3 saura 24. Mabuɗan biyu suna hannunsa. Zai buɗe saƙona da 27, ya karanta, ya kulle da 24 ya wuce da shi, mu kuwa muna zaton da juna muke magana. Bai karya lissafin ba ko kaɗan. Tsarin da Whitfield Diffie da Martin Hellman suka wallafa a 1976 yana ba ka sirri da wanda ke ɗaya ƙarshen, amma ba ya gaya maka ko wane ne shi. Ba mu gano ba sai da muka ajiye takardunmu gefe da gefe muka ga 27 da 24 sun saɓa.

Maganinsa a TLS, tsarin da ke kare hulɗar burauza da shafukan intanet, shi ne sa hannu na dijital: sabar tana sa hannu a kan musayar, burauza kuma ta duba takardar shaidarta. A nan zan sa gaba mako mai zuwa. Zan sa hannu a kan 3 ɗina kafin in aika, in ga a wane mataki 8 ɗin ɗan tsakiya za ta tonu. Wanda ya gwada da p = 23 ya rubuta tsawon zagayen kowace g daga 2 zuwa 22, mu kwatanta.