Asabar a gidan su maigidan

Tun daren jiya na haɗa kayan gaisuwa: goro na Baba, turmin atamfa da sabulu na Hajiya, turaren wuta na kakarsu, alawa ta yara. Da hantsi muka bar Kano, kafin azahar mun isa Bichi.

A zaure na cire takalmi na durƙusa wa Baba, mayafi har goshi. Ya tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, ni dai "suna lafiya, suna gaishe ku" nake ta maimaitawa. Hajiya ta nuna mini kujera, na zauna a gefen tabarma. Aka kawo tuwon dawa miyar kuka, na ce na ƙoshi, alhali ko karin kumallon kirki ban yi ba. Ta san zancen, ta sa ƙanwar maigidan ta kai mini kwanon ɗakinta, can na ci na sha fura.

Kakarsu ce ta fara kwance mini baki. Tana ganina ta ce, "To ga kishiyar tawa mai ƙwacen miji, wannan siririyar za ta iya tuƙa tuwon mutum goma kuwa?" Da kaka ana wasa, don haka na ce, "Uwargida, ai ke za ki koya mini." Har Hajiya sai da ta murmusa.

Bayan la'asar aka fito da buhun wake, ƙwari sun fara huda shi, ƙasan buhun duk gari. Na ja tire na shiga tsinta ba tare da an ce mini ba. Maganin yana bakina, amma amarya ba ta koya wa uwar miji ajiyar hatsi a tsakar gidanta. Sai na ce, "Hajiya, Innarmu a jarka take zuba nata, ko nan ma ana yi?" Ta ce ta taɓa gwadawa, ya lalace. Na tambayi yadda aka yi, ashe rabin jarka aka zuba, kuma kullum ana buɗewa a ɗiba. Na ce Inna takan shanya shi sai ya yi ƙaras a haƙori, ta cika jarkar har wuya, ta sa leda a bakin ta ɗaure murfin tam, ba a buɗewa sai bayan wata biyu. Rashin iska ne ke kashe ƙwaron. Na girki kuwa daban take ware shi.

Hajiya ta ce ita da toka uwarta ta koya mata, a tankaɗe a gauraya da waken. Wannan ban iya ba, na tambayi awon, ta yi ta bayani har aka kira magariba. Facalata dai ba ta ce uffan ba, gaisuwa kawai ta haɗa mu, kuma ban matsa ba.

Da za mu tafi Hajiya ta ba ni daddawa da kuka, ta ce in zan dawo in taho da jarka biyu, wankakku.