Gado mai hawa biyu da yadda na raba wa yarana ɗaki

Ɗakin yarana mita 3 ne da mita 3 da rabi, kuma su biyu ne a ciki, ɗan shekara takwas da ƙanensa mai huɗu. Da na zuba gadaje biyu, da ba a sami wurin teburi ba, balle filin wasa. Shi ya sa na sa kafinta ya yi mai hawa biyu, na jingina shi da bangon da babu taga, don kada mai kwanan sama ya kai ga tagar.

Babban ne ke sama. Yaron da bai kai shekara shida ba ba a barinsa ya kwana can, ko da ya yi ta magiya, domin cikin magagin barci yake mirginowa. Abin da na fi tsayawa a kai shi ne shingen gefe. Na ce a kewaye duka ɓangarorin, har na jikin bango, saboda gado kan ja baya yaro ya zurma ta tsakani. Tsayin shingen kuwa daga saman katifa ake aunawa, ba daga katako ba. Namu santimita 32 ne daga katako, katifar 15, saura 17. Da na sa mai kaurin 25, da abin da ya rage 7 ne kawai, wanda ba ya tare komai. Ratar da ke tsakanin sanduna ma ban bari ta wuce santimita 7 ba, don jiki na iya ratsawa kai ya maƙale. Fankar silin kuma cire ta na yi gaba ɗaya, tunda hannun babban na kaiwa.

Na roƙi a haɗa gadon da noti maimakon ƙusa, yadda nan gaba za a raba shi gida biyu, katifun kuma girman na manya ne. Lokaci-lokaci nakan girgiza shi. In na ji ƙara ko ya yi rawa, noti ya saki, sai in ɗaure.

Teburin karatu yana gefen taga, haske na shigowa ta hagu tunda babban da hannun dama yake rubutu. Na manya na saya, na sa masa matashi a kujera da ɗan akwati ƙarƙashin ƙafa.

Kabad ɗin kaya na ɗaure shi da bango da ƙarfe, domin ƙaramin yana jawo durowa ya taka kamar tsani, nauyin ya rinjayo gaba. Kayan wasa duk suna ƙasa cikin kwanduna, ban bar abin sha'awa a sama da zai sa shi hawa ba. Tsakiyar ɗakin shimfiɗa ce kawai, nan suke baje kolinsu.