Abin da zan bar wa magajina kan mayar da domen zuwa sabon kamfanin rajista

Ƙarshen watan nan zan bar ofishin hidimar Umara da nake kula wa da shafin intanet da imel a nan Makka. Duk wanda ya yi aiki da mu ya san abin da ya faru gab da azumi: maigida ya ga wani kamfanin rajista mai sauƙin kuɗi, ya ce a kwashe domen ɗinmu na `.com` a kai can a ranar, duk da an gaya masa a fara raba DNS, wato bayanan da ke nuna inda shafi da imel na domen suke, da tsohon kamfanin. Da shafi ya ɗauke, imel ɗin wakilanmu na Kano da Yamai ya daina shigowa, sai laifin ya faɗa kan yaron da aka sa ya danna. Har yau ba a ba shi haƙuri ba.

Canjin kamfanin rajista shi kaɗai ba ya kashe shafi. Abin da ke canzawa kawai shi ne wanda yake riƙe maka sunan a babbar rajistar `.com`, kuma sabobin suna da domen yake nunawa suna nan yadda suke. Matsalar tana tasowa idan waɗannan sabobin na tsohon kamfanin ne, irin DNS na kyauta da ake haɗo maka lokacin saye. Kana barinsu ka daina zama mai hulɗa da su, suna iya goge bayananka, wasu nan take, wasu daga baya. Domen yana nan da ransa, amma yana tura mutane gidan da aka riga aka kwashe kaya.

Don haka kafin a taɓa komai a duba:

```
whois example.com
dig NS example.com +short
```

Abu uku ake nema: layukan `Domain Status`, ranar ƙarewa, da sunayen sabobin. Idan sabobin na wani kamfani ne daban, rabin aikin ya ƙare. Idan na tsohon kamfanin rajistar ne, DNS ne zai fara tashi, shi kaɗai, tun domen bai motsa ba.

A nan ake son nutsuwa. A buɗe wurin DNS na sabon mai masauki a kwafe kowane layi: `A` da `AAAA`, `CNAME` na `www`, `MX`, da duk `TXT` na SPF da DKIM da DMARC. Kada a dogara da binciken da sabon kamfanin ke yi da kansa, domin sanannun sunaye kawai yake lalubowa. `booking` ɗin da wakilai ke shiga, ko layin da ke ƙarƙashin `_domainkey`, yakan tsallake su. Sai a tambayi sabuwar sabar kai tsaye, a kwatanta amsarta da ta tsohuwar:

```
dig @ns1.sabo.example example.com MX +short
dig @ns1.tsoho.example example.com MX +short
```

Sai amsoshin sun zo ɗaya ake canza sabobin suna, kuma a tsohon kamfanin ake canzawa. Bayan nan a jira awa 48 cif, a bar tsoffin bayanan suna aiki. Dalili shi ne rajistar `.com` tana ba da layukan `NS` da wa'adin daƙiƙa 172800, wasu masu ba da intanet kuma za su ci gaba da tambayar tsohuwar saba har wa'adin ya cika. Mutane kan ce ai an rage TTL, wato wa'adin da ake riƙe amsar kowane layi, zuwa daƙiƙa 300. Wannan yana da amfani idan adireshin saba za a canza, amma wancan wa'adin ba a hannunka yake ba. Shi ya sa a lokacin namu, ko bayan an gyara, shafin yana buɗewa a ofis amma wakili a Kano yana rantsuwa bai buɗe masa ba, kuma dukansu gaskiya suke faɗi.

Idan DNSSEC, tsarin sa hannu a kan bayanan DNS, a kunne yake, akwai matakin da ke zuwa kafin canza sabobin suna: a cire layin `DS`, wanda ke nuna makullin a rajista, a tsohon kamfanin, a jira aƙalla awa 24, sannan a canza sabobin. In ba haka ba makullin da ke rajista ba zai dace da sa hannun sabuwar saba ba. Alamarsa ita ce `dig` yana dawo da `SERVFAIL`, amma da an ƙara `+cd` sai amsa ta fito.

Sai kulle. `clientTransferProhibited` kamfanin rajista ne ya sa shi, kana iya cire shi daga asusunka, kuma ba a ci gaba sai ya ɓace daga `whois`. `serverTransferProhibited` daga babbar rajista yake, ba ka da mabuɗinsa. Sannan akwai kwana 60 na ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen domen: ana iya hana domen tashi cikin kwana 60 da yin rajistarsa ko da canjin da ya gabata, haka kuma idan an canza suna ko imel na mamallaki ba tare da an zaɓi tsallake kullen ba. Wannan na ƙarshen shi ke kama masu son gyara: mutum ya ga imel ɗin tsohon ma'aikaci a jiki, ya sauya shi, ya kulle kansa wata biyu. A tabbata dai ana iya buɗe akwatin imel ɗin, gyaran ya jira bayan canji.

Lambar canji, wadda za ka gani a allo da sunan `Auth Code` ko `EPP Code`, tsohon kamfanin ke bayarwa, kuma bai kamata ya wuce kwana 5 bai ba ka ba. Tana bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana, don haka a kwafe ta, a kula kada fili ya maƙale a ƙarshenta. A wasu kamfanoni, neman sabuwa yana kashe ta farko. Duk wanda ya riƙe ta alhali kulle a buɗe yake zai iya tafiya da domen, saboda haka ba abin jefawa a zauren WhatsApp na ofis ba ce, ko da maigida ne ya tambaya.

Da an shigar da lambar an biya, matsayin zai koma `pendingTransfer`. Tsohon kamfanin yana da kwana 5. In ya yi shiru, canjin ya wuce da kansa, in kuma yana da maɓallin amincewa, ana iya gamawa da wuri. A cikin waɗannan kwanaki ba a iya canza sabobin suna, abin da ya sa DNS ke riga tafiya ke nan. Wajen biya, idan aka tambaye ka ko za ka koma sabobin sabon kamfanin, ka zaɓi a bar waɗanda ke kai. A karanta saƙon tsohon kamfanin da kyau kafin a danna, sau da yawa mahaɗin da ke ciki na sokewa ne.

Idan aka canza sabobin ranar Lahadi, aka buɗe kulle ranar Laraba, jiran zai ratsa Juma'a da Asabar ba abin da ake buƙata daga kowa. Kada a fara saura mako guda domen ya ƙare. A fara tun saura wata guda. Canjin `.com` yana ƙara shekara ɗaya, sai dai idan domen ya ƙare aka sabunta shi, sannan aka tashe shi cikin kwana 45, shekarar da aka biya tsohon kamfanin tana iya salwanta. Domen na `.sa` kuwa a ƙarƙashin SaudiNIC yake, da nasa ƙa'idojin.

Bayan an gama, a mayar da kulle, a kunna sabuntawa ta kai tsaye, a sa sabon `DS` in ana amfani da DNSSEC. Tura imel na kyauta da tsohon kamfanin ke yi ba ya biyo domen, sai an sake haɗa shi. Kuma idan aka ce maka a yi yau-yau a cikin Sha'aban, ka nemi a rubuto maka umarnin.