Abin da aikin dillancin shaguna ya koya mini game da takardar tashi kafin wa'adi

A ofishin da nake aiki a Kano muna kula da shaguna da sito-sito na masu gini, kuma takardar da ta fi haddasa rigima a wurinmu ita ce wadda ɗan haya yake rubutowa cewa zai tashi kafin wa'adinsa ya cika. Yawancinsu sun san dokar sanarwar wata shida ga mai hayar shekara-shekara, sai su ɗauka ta shafi kowa. Ba haka ba ne. Wanda ya sa hannu a yarjejeniyar shekara biyar ya ɗaure kansa na shekara biyar, sai fa idan akwai sashen da ya ba shi ƙofar fita, ko mai gini ya yafe masa.

A ce hayar sito Naira 2,400,000 ce a shekara, ana biya kowace ranar 1 ga Janairu. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ce bayan shekara biyu ɗan haya na iya tashi, muddin ya ba da sanarwar wata shida a rubuce, babu bashi a kansa, kuma ya miƙa wurin babu kowa babu kaya. Yana son fita ranar 30 ga Satumba. To takardar ta ambaci ranar da aka ƙulla yarjejeniya, da adireshin siton, da sashe na 9 ɗin, da ranar fita ƙarara. Ta kuma isa inda yarjejeniya ta ce a kai kafin ƙarshen Maris, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kwafi. Na ga wanda ya tura hotonta ta waya ga yaron Alhaji mai ginin, alhali an rubuta a kai ofishin lauya. Da aka zo magana aka ce ba a ga komai ba. Ɗan kuɗin shara ko na gadi da ya maƙale ma ya isa a ce masa akwai bashi, sharaɗi bai cika ba.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne wajen kawo magaji, wato wanda zai karɓi hayar bayansa. Ɗan haya, don kunya da son a rabu lafiya, sai ya rubuta: "Zan tashi idan Alhaji ya amince da wanda na kawo." Wannan "idan" ta mayar da sanarwarsa roƙo. Alhaji na iya yin shiru har wata shidan su wuce, sannan ya ce ai bai amince ba, haya tana nan. Shi ya sa nake ce musu a raba maganar biyu. Sakin layi na farko ya tsaya da ƙafarsa: bisa sashe na 9 zan fita rana kaza. Na biyu ya zo da tayin: ga wane, ga sana'arsa, ga takardar rajistar kamfaninsa da mai tsaya masa, kuma karɓarsa ko ƙinsa bai taɓa sanarwar da ke sama ba.

To me ya sa zai wahalar da kansa neman magaji tunda yana da ikon fita? Saboda kuɗi. Ya riga ya biya har Disamba, saura wata uku, wato Naira 600,000. Idan sashen bai ce a mayar ba, karɓo su da wuya. A 2015 kamfanin Marks and Spencer ya je har Kotun Ƙolin Birtaniya yana neman ragowar hayar da ya biya ta kwanakin bayan fitarsa, kotu ta ce babu, tunda ba a rubuta ba. Hukuncin bai ɗaure kotunanmu ba, amma lauyan mai gini zai iya jingina da shi. Magajin da zai fara biya ranar 1 ga Oktoba shi ne abin cinikin ɗan haya: sito bai kwana a rufe ba, don haka sai ya nemi a rubuta masa cewa za a mayar da kuɗin wata ukun.

Sai kuma yadda magajin zai shiga. Wasu kan so su miƙa masa ragowar yarjejeniyarsu su karɓi 600,000 ɗin daga hannunsa, don ya fi sauri. Galibi wannan sai da izinin mai gini a rubuce, kuma ko an samu izinin, sunan tsohon ɗan haya bai fita daga alkawarin farko ba. Magaji ya kasa biya a shekara ta huɗu, ana iya waiwayo tsohon ɗan hayar. Ni na fi son a rufe tsohuwar yarjejeniya a ranar da sanarwa ta faɗa, a zagaya siton tare, a rubuta lambar mitar wuta, a karɓi makulli da rasit, sannan mai gini ya ƙulla sabuwa da magajin, a kan farashin da suka daidaita su biyu.