Kati ya mutu, amma ana ci gaba da cire kuɗi: abin da na gano da na bi sawu

Wa'adin katina ya ƙare, banki ya ba ni sabo, na ɗauka duk wata rajistar wata-wata da na yi da tsohon ta bi shi kabari. Wata na zagayowa sai ga alat, an cire kuɗi daidai ranar da aka saba. Na zauna na bi sawun yadda aka yi, kuma ga abin da na fahimta.

Tushen kuskuren shi ne ɗaukar kati a matsayin yarjejeniya. Kati hanyar biya ce kawai. Ranar da ka saka lambobinsa ka danna amincewa, abu biyu ka yi lokaci guda: ka ƙulla yarjejeniya da kamfani, ka kuma ba shi izinin cire kuɗi daga asusunka ba tare da ya sake tambayarka ba. Ƙarewar wa'adin kati ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Asusun da ke bayan katin yana nan, izinin yana nan, yarjejeniyar ma tana nan.

To ta ina kuɗin ke bi? Idan sabuntawa aka yi saboda wa'adi ya cika, galibi doguwar lambar nan mai alƙalumma 16 ba ta canzawa. Wata da shekarar ƙarewa ne ke canzawa, sai lambobi uku na bayan kati. Waɗannan ukun kuwa a biyan farko kaɗai ake neman su, ƙa'ida ma ta hana kamfani adana su. Cirar da ke biyo baya tana zuwa banki ne da alamar cewa mai maimaituwa ce, kuma banki yana da ikon amincewa da ita ko da ranar ƙarewar da aka turo ta wuce. Wasu bankunan suna ƙi, wasu suna barin ta ta wuce.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne cirar na iya wucewa ko da lambar gaba ɗaya ta canza, kamar wanda katinsa ya ɓace aka ba shi wani. Manyan kamfanonin kati suna da tsarin sabunta bayanai: na Visa sunansa Visa Account Updater, na Mastercard kuma Automatic Billing Updater. Bankinka yana tura musu cewa tsohuwar lamba kaza ta koma sabuwa kaza, kamfanin da kake biya kuma, idan ya shiga tsarin, yana tambaya kafin ranar cira, sai a ba shi sabbin bayanan. Ba wanda zai kira ka. Wasu kamfanonin ma ba lambar katinka suke riƙe da ita ba, wata lamba ce ta wakilci da aka ɗaura wa asusunka, idan banki ya sauya kati sai kawai ya mayar da ita kan sabon. An yi duk wannan ne don kada a yanke wa mutum inshora ko intanet saboda mantuwa, amma tsarin bai san rajistar da kake so da wadda ka gaji da ita ba. Shi ya sa cewa a toshe kati a ba ka sabo ba hanyar rabuwa da kamfani ba ce.

Akwai kuma cirar da ba ta wata-wata ba: otal ko kamfanin hayar mota da ya karɓi izini tun katin yana da rai, ya turo lissafin ƙarshe daga baya. Wannan yakan faɗa kan asusun ko da an sauya katin.

Ni dai a ganina, wanda aka ci gaba da cire masa kuɗi ya fi sa'a, domin alat yana tashinsa. Wanda cirar ta ƙi wucewa shi ne a cikin haɗari, don shiru yake ji ya ɗauka an rabu. A ce mutum ya sa hannu a yarjejeniyar wata 12 da ake biya wata-wata. Ya biya wata 4, katin ya ƙare, a wata na biyar banki ya mayar da cirar da lambar ƙi 54, wato kati ya ƙare. Kamfani zai sake gwadawa sau da dama cikin kwanaki ko makonni, ya aiko da saƙonni ta imel, wanda sau da yawa tsohon adireshi ne da ba a buɗewa. Daga nan ya dakatar da hidimar. Dakatarwa kuwa daban, sokewa daban. Saura wata 8 a yarjejeniyar, kuma idan sharuɗɗan sun ce sai an cika wa'adi, za a lissafa masa su duka, ko kuɗin fita da wuri, a ɗora tarar jinkiri idan an rubuta ta. In abin ya daɗe, kamfani na iya miƙa bashin ga masu karɓar bashi, kuma a ƙasashen da ake ajiye tarihin bashin mutane, tabon na iya shiga sunansa ya hana shi rance nan gaba. Mutum bai mori komai ba tun wata na biyar, ga bashin wata 8 a wuyansa.

Yadda za ka gane ko kana cikin wannan rukuni: karanta sharuɗɗan ka ga ko biya ake yi kafin a mora, ko kuwa akwai mafi ƙarancin wa'adi. Na farko, idan kuɗi bai shiga ba yawanci rufe maka ƙofa kawai za a yi. Na biyun shi ke haifar da bashi.

Idan cirar ta wuce ma akwai nata bashin. A katin bashi, kuɗin yana hawa kan asusun da ka ɗauka babu komai a kansa, ka ƙi duba lissafi, ranar biya ta wuce, kuɗin ruwa da tara su hau kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A katin da ke cira kai tsaye daga asusu, idan bankin ya yarda asusu ya zarce abin da ke ciki, sai ka wayi gari banki na bin ka.

Tsarin da na bi, kuma jerin yana da muhimmanci. Na fitar da bayanan asusu na wata 13, ba 12 ba, don in kama rajistar da ake cira sau ɗaya a shekara. Na soke kowace rajista a wurin kamfanin da kansa, ta hanyar da sharuɗɗansa suka tanada, na ajiye saƙon tabbatarwa mai ɗauke da kwanan wata. Sai bayan haka na je banki na ce na janye izinin cira daga wannan kamfani, a dakatar da shi, na kuma tambaya ko za a iya hana tura masa bayanan sabon katina. Idan ka fara da banki ka tsallake kamfani, ka tsayar da kuɗi ne kawai, bashin na ci gaba da taruwa.

Cirar da ta zo bayan ranar sokewa ita ce za ka iya ƙalubalanta a dawo maka da ita. A dokokin Visa akwai sashe na musamman don wannan, lamba 13.2, kuma wa'adin shigar da ƙorafin yawanci kwana 120 ne daga ranar da cirar ta shiga. Abu na farko da banki zai nema shi ne shaidar ranar da ka soke. Wadda aka cire kafin wannan ranar, ko da ba ka mori hidimar ba, da wuya ta dawo ta wannan hanya, sai dai ka lallaɓi kamfanin.