Ƙirga darussan kafin ka rubuta tambaya ta farko

Ranar Talata a ɗakin malamai na tarar da sabon malaminmu na lissafi yana kwafo tambayoyin jarrabawar aji biyu daga wayarsa. Na leƙa takardar, cikin tambayoyi 40 har 14 daga ƙididdiga suke, babin da ya gama makon jiya. Gabana ya faɗi, don kuwa ni ma na taɓa yin haka.

A shekarata ta biyu da fara koyarwa na zauna daren ranar miƙa tambayoyi, na yi ta rubuta abin da ya zo mini a kai. Babin ƙarshe ne ya zo, ga shi tambayoyinsa ba su da wuyar tsarawa. Aljabara, da muka shafe mako huɗu muna fama da ita, ta samu tambaya biyar kacal. Akwai wata yarinya da ta riƙe aljabarar nan sosai, zazzaɓi ya kwantar da ita makon ƙididdiga, ta faɗi. Ɗalibai wajen 90 gare ni a lokacin, kuma babu wanda ya taɓa nuna mini wata hanya. Duk da haka ni na kayar da ita, har yau abin yana damuna.

Shi ya sa na ce wa sabon malamin: Malam, ka ajiye wayar nan. Ku yaran yanzu kuna son tambaya a shirye, alhali wanda ya rubuta ta bai taɓa shiga ajinku ba. Buɗe littafin da kake rubuta aikin da ka yi kowane mako, ka ƙirga darussan da ka koyar da gaske, don abin da manhaja ta tsara daban ne. Darasi biyar a mako, mako goma, 50 ke nan. A ce aljabara ta ci 20, lissafin kashi cikin ɗari 13, kusurwoyi 10, ƙididdiga 7. Raba darussan kowane babi da 50, ka ninka da 40. Aljabara ta samu tambaya 16, kusurwoyi 8. Kashi cikin ɗari ya ba da 10.4, sai ka sauke shi zuwa 10, ƙididdiga 5.6, ka ɗaga ta zuwa 6. Haɗa su ka tabbatar 40 ne cif. In akwai tambayar da ke ɗauke da maki goma, to maki za ka raba, ba yawan tambayoyi ba.

Na ce ka bi lissafin, amma kada ka bi shi ido rufe. In kusurwoyi sun kai darasi goma ne saboda ka rasa kayan awo kun yi ta maimaici, rage musu tambaya ɗaya ko biyu, ka ƙara wa wani babi don jimillar ta ci gaba da zama 40.

Idan ka gama, rubuta sunan babi a gefen kowace tambaya ka sake ƙirgawa. Ka kawo mini na gani kafin a kai wajen bugawa ranar Alhamis.